Talata a Agege: mutum ɗari a rana

Tun bayan asuba nake kan takardar kamfanin soyayyar kazan nan, masu ba mutum izinin buɗe shago da sunansu da girkinsu. Naira miliyan 30 suke so, har da gyaran shago da injuna. A lissafinsu cinikin wata miliyan 12 ne. Kayan girki, da dole a wurinsu zan saya, suna cin kashi 45 cikin ɗari, kamfani ya ɗauki kashi 6, talla kashi 2. Saura kashi 47, wato miliyan 5.64. A cire haya, albashi da wuta miliyan 3.6, riba ta ɗan haura miliyan 2, uwar kuɗi ta dawo cikin wata 15.

Na kai wa Kawu takardar a rumfarsa. Bai ko sa tabarau ba, ya ce, "Ɗana, miliyan 12 ɗin nan mutum nawa ne?" Na danna waya: idan kowa ya kashe 4,000, mutum 100 ke nan kullum, har ran Lahadi da ranar ruwan sama.

Sai na kira wakilinsu na tambaye shi daga shago nawa suka fitar da wannan adadi. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya ce shida cikin 14, duk a Lekki da Ikeja. Najeriya ba ta da wata doka ta musamman da ta tilasta musu faɗin sauran takwas ɗin, in ba ka tambaya ba shi ke nan.

Da azahar na hau keke zuwa reshensu na Ogba, wanda unguwarsa ta fi kama da tamu. Mai wajen mutumin kirki ne, ya buɗe mini littafin ciniki na wata uku: mutum 65 a rana, miliyan 7.8 a wata. Kashi 47 na wannan miliyan 3.67 ne. Wuta kuwa, dubu 400 kamfani ya rubuta, shi dubu 900 yake kashewa tsakanin mita da dizal, don firiza ba ta san an ɗauke wuta ba. Kuɗin da ba ya motsi ya koma miliyan 4.1 ke nan, asarar sama da dubu 430 duk wata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kamfani a kan ciniki yake yankar rabonsa, ba a kan riba ba. A watan da ka faɗi, dubu 624 nasu, wato kashi 6 da kashi 2 na talla, na nan daram.

Na raba miliyan 4.1 da 0.47, ya ba ni cinikin miliyan 8.72 a wata, wato sai da mutum 73 a rana zan tashi ba ci ba asara. Gobe da jibi zan zauna a bakin shagon da nake son kamawa in ƙirga masu shiga gidan abincin da ke kallonsa. Kuma na manta ban tambaya ba ko harajin VAT na kashi 7.5 na cikin miliyan 12 ɗin.