Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na gane kwafe ake yi a lesin ɗina

Makon jiya na tsaya inda Baffa ya ba ni aron zauren gidansa a Ƙofar Marusa, to daga nan lesin ɗin ya kankama, bayan la'asar har a kira magariba, Litinin zuwa Alhamis. Yara 23 a zauren da benci 4 ne kawai, sauran a tabarma, ga ƙarar injin markaɗe na maƙwabta ga masu kurar ruwa suna ta wucewa, dole sai ka ɗaga murya. Rabin awa na farko na aikin gida ne, sauran lokacin kuma 'yan aji 6 masu shirin Wayek da Neko mu hau tsofaffin tambayoyi.

Ni dai ina ta jin daɗi wai kowa na cinye asamen ɗinsa, ashe yarinya ɗaya ce ke yi sauran su kwafa. Abin da ya tona musu asiri kuskure ne, ta manta alamar ragewa a layi na 3, sai na ga littafi 9 duk sun manta a wuri guda. Kai, ranar na ji kunya wallahi, ni da ke karɓar kuɗin iyayensu.

Washegari na ce kowa ya ajiye jakarsa a waje, na rubuta tambaya ɗaya tal a allo:

x² - x - 6 = 0

Aikin shi ne ka nemo lambobi biyu da in ka ninka su za su ba ka -6, in ka haɗa su su ba ka -1. Wani yaro, bari in kira shi Auta, wanda ya haddace fomula tsaf kamar karatun allo, ya ce 3 da -2. Na ce haɗa min su. Ya yi shiru yana murza biro can ya ce "Malam, -1 ne ai." Nan na gane ciwon ba na aji 6 ba ne, tun aji 1 aka bar shi a baya wurin lissafin lambobi masu mainas, kuma ba shi kaɗai ba, mutum 5 kacal suka ci.

Auta yana taya yayansa tsaron shago, sai na bi ta nan. Na ce kana da naira 3 a aljihu ana bin ka 2, in ka biya mi ya rage? Kafin in rufe baki ya ce saura 1 tawa. To in 2 gare ka ana bin ka 3 fa? Ya ce saura bashin 1. Na ce to wannan bashin shi ne -1, ke nan lambobinmu -3 da 2 ne, (x - 3)(x + 2) = 0, x ya zama 3 ko -2. Sai na sa shi ya mayar da 3 cikin tambayar, 9 a cire 3 a cire 6, ya ga sifili da idonsa. Dariyar da ya yi har yau ina tuna ta.

Amma misalin bashi yana da iyaka fa, da muka zo mainas sau mainas sai ya fara tangal-tangal. Iyakar abin da na iya shi ne in ce in aka yafe maka bashin 3 ai kamar an ƙara maka 3 ne, wasu suka kama, wasu dai haddacewa suka yi. Ga kuma sharrin kalkuleta, yaro ya danna `-3²` ta ba shi -9 ya zo yana musu da ni, sai ya sa baka `(-3)²` sannan 9 ta fito.

Sati 3 muka ajiye tsofaffin tambayoyi muka koma littafin aji 1, kullum tambaya 10 a allo, kowa ya yi a gabana, aikin gida kuma sai ka fito ka bayyana layi ɗaya da na zaɓa kafin in sa hannu. Dalilina shi ne a takardar lissafi ta biyu ta Wayek ana ba da maki a kan matakan aiki, amsa tsurarta ba ta kai ka ko'ina, kuma in lissafi ya tsaya a D7 ba kiredit, jami'a sai dai ka hango.

Yaran ba su so ba, 6 suka daina zuwa wai na mayar da su ƙananan yara. Ranar wata Alhamis kuma ina goge allo sai ga mahaifin ɗaya daga cikinsu da littafin ɗansa a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba ya ce "Malam, kuɗin Wayek na biya ko na aji ɗaya?" Baffa na zaune a dakali da carbi yana jin mu. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.