Shafi na biyu da oga ya cire

Tunda na bar cibiyar da nake koyarwa yanzu zan iya faɗin abin da ya faru da takardar darasin nan ta tura linki, wadda na rubuta wa ajin manya na yamma. Shafi biyu ce. Na farko yadda ake kwafi da mannawa, na biyu yadda ake gwada linkin kafin a tura wa mutane. Oga ya duba ya ce kuɗin fotokwafi ya yi yawa, wai gwaji ɓata lokaci ne, in dai mutum ya iya kwafi ai shikenan. Na yi bayani har na gaji, ya ce Malam a cire kawai. Aka raba shafi ɗaya.

To shafin farkon ba wuya. A waya ka danne linkin da yatsa ka riƙe har zaɓi ya fito, ka taɓa Copy, ka je inda za ka saka ka sake dannewa ka taɓa Paste. A kwamfuta Ctrl+L yana zaɓar adireshin gaba ɗaya, sai Ctrl+C, sai Ctrl+V. Na ja layi ƙarƙashin abu ɗaya, kar a rubuta linki da hannu, saboda ƙaramar l da babbar I da lamba 1 kusan kamarsu ɗaya a ido, kuma gajerun linkuna suna bambanta babban harafi da ƙarami.

Akwai wata Hajiya a ajin, sakatariyar ƙungiyar mata masu adashi, mai ƙoƙari ce sosai wallahi, ita ke fara zuwa. Ta haɗa fom a Google Forms don rajistar mambobi, ta bi takardar daidai yadda aka ba ta, ta kwafi adireshin da ke saman burauza tana cikin gyaran fom ɗin, ta manna a guruf. Ta taɓa a wayarta ya buɗe lafiya lau. Su kuwa matan duk wadda ta taɓa sai a nuna mata ba ta da izinin shiga, wasu suka ce damfara ce, har wata ta yi mata magana mara daɗi a gaban kowa. Washegari ta zo tana cewa Malam me na yi ba daidai ba, muryarta na rawa.

Ba ta yi komai ba daidai ba, abin da aka hana ta sani ne ya cuce ta. Fom ɗin yana da linki iri biyu, ƙarshensu ne ke nunawa:

```
.../edit
.../viewform
```

Na farko na mai gyara ne, na biyu ko kuma gajeren da ke farawa da forms.gle shi ne na masu cikewa. Ya buɗe mata ne saboda wayarta na cikin asusunta na Google, ya gane mai fom ɗin ce. Haka abin yake da fayil a Google Drive, in yana kan Restricted kai kaɗai da waɗanda ka saka za ku gani, sai an mayar da shi Anyone with the link sannan kowa zai iya buɗewa. Shi ya sa buɗewa a wayarka ba gwaji ba ne sam.

Gwajin da ke shafi na biyu kuwa ko minti ɗaya bai kai ba. Ka fara tura wa kanka saƙon a WhatsApp, ka duba ko linkin ya yi launi tun daga farko har ƙarshe, don in tazara ta shiga tsakiya rabi ne kawai zai yi launi, kuma rabin nan ba zai kai ka ko'ina ba. Sannan ka kwafo shi daga cikin saƙon, ba daga inda ka samo shi ba, ka buɗe Chrome, ka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa, ka zaɓi New Incognito tab ka manna. A nan ba ka cikin asusunka, kusan abin da baƙo zai gani kake gani. Wanda wannan ya yi wa wuya ya ari wayar ɗansa ko maƙwabci ya taɓa.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ka bar tazara bayan linki kafin ka ci gaba da rubutu. Ka rubuta layi ɗaya da ke faɗin na mene ne. Linkin rabon data kyauta da aka turo maka kar ka tura gaba, https a farkonsa ba shaidar gaskiya ba ce, 'yan damfara ma suna da shi.

Abin da har yau yake cina shi ne da maganar ta kai ofis, oga ya ce a gaban sauran malamai wai takardata ce ba ta cika ba. Ban ce masa uffan ba. Na je shago na buga shafin da kuɗina na raba wa ajin, muka zauna da Hajiya ta gyara linkin da hannunta, ta gwada a wayar wadda ke kusa da ita, sannan ta sake turawa.