Tarawa ko ɗebewa? Abin da koyar da lissafin Doppler ya koya mini

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi motar asibiti ta wuce shi da jiniya ya san abin: tana tahowa muryar siririya ce, tana giftawa sai ta yi kauri. Ɗalibaina na Fiziks ba sa gardama a kan wannan. Sun san sunan Christian Doppler, ɗan Ostiriya da ya kawo bayanin a 1842, wasu ma sun ji labarin Buys Ballot wanda ya gwada shi a Holan a 1845 da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa. Inda ake kwashe musu maki shi ne wajen zaɓar alama, tarawa ko ɗebewa. In na zauna makin takardu, da wuya in ga wanda ya manta dabarar lissafin, amma masu juya alama ba su ƙirguwa.

Ga yadda aka saba rubuta dabarar:

```
f' = f × (v ± vo) / (v ∓ vs)
```

A nan f shi ne yawan kaɗawar sautin a sakan ɗaya kamar yadda ya fito daga jiniyar, f' kuma wanda kunne ya ji. Shi v gudun sauti ne a cikin iska, vo gudun mai sauraro, vs gudun abin da ke fitar da sautin. Yaro kan haddace cewa "alamar sama ta kusantowa ce, ta ƙasa ta nisanta". Haddar nan tana aiki muddin abu ɗaya ne ke tafiya. Ranar da aka ce duka biyun suna gudu, ɗaya yana bin ɗaya, sai ta watse.

Abin da na koya shi ne kada a bar ɗalibi ya taɓa alama sai ya san dalilin da ya sa vo yake sama, vs yake ƙasa, domin abubuwa biyu ne daban suke faruwa. A ɗauki jiniya mai 680 Hz, wato kaɗawa 680 a sakan, gudun sauti kuma mita 340 a sakan. Motar na tsaye, tazarar da ke tsakanin igiyar sauti da mai bi mata rabin mita ce, wato 340 a raba da 680. To, motar ta taso da gudun mita 20 a sakan, kilomita 72 a awa ke nan. Kafin ta saki igiya ta biyu ta riga ta matso da kusan santimita 3, saboda haka igiyoyin da ke gabanta sun matsu, tazararsu ta koma kusan mita 0.47. Gudun sautin kansa bai ƙaru ba, domin iska ce ke da iko da shi, ba motar ba. Wanda ke tsaye a gaba zai ji:

```
f' = 680 × 340 / (340 − 20) = 722.5 Hz
```

Yanzu a juya lamarin. Motar tana tsaye, mutum ne ya nufo ta a kan babur da wannan gudun na mita 20 a sakan. Tazarar igiyoyin tana nan rabin mita, babu abin da ya matse ta. Shi ne dai yake tarar su, suna riskarsa da gudun 360 maimakon 340:

```
f' = 680 × (340 + 20) / 340 = 720 Hz
```

Na kan tsaya a nan in bar ajin ya kalli allo. Gudu ɗaya, kusantowa ɗaya, amma amsa biyu: 722.5 da 720. Wata ɗaliba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ko shi ya zo ko ita ta zo duk ɗaya ne, me ya raba su?" Iska ce ta raba su. Dukan gudun da ke cikin dabarar da iskar ake auna shi, kuma a misali na farko mota ce ke ratsa iskar, a na biyu mai babur ne. Wanda ya gane wannan ba zai sake sa gudun mota a sama ba.

Daga nan zaɓen alama ya zama tambaya biyu, kowacce a kanta. Tafiyar mai sauraro, in aka dube ta ita kaɗai, tana nufar sautin ne ko guje masa take? In nufa ce, f' zai hau, to a tara a sama, in gudu ce a ɗebe. Tafiyar motar fa, ita kaɗai? In tana nufar mai sauraro f' zai hau, kuma tunda tana ƙasa, sai an ɗebe sannan amsar za ta girma.

Ga tambayar da ke kayar da masu hadda. Mai babur yana tafiya da mita 10 a sakan, motar asibiti na bayansa da mita 30 a sakan, duk sun fuskanci gabas. Da yawa za su ce ai tazararsu raguwa take, don haka kusantowa ce, su tara a sama su ɗebe a ƙasa, su sami 680 × 350 / 310, kusan 768 Hz. Ba haka ba ne. Mai babur guje wa sautin yake, ko da yake motar na cim masa. Sai a ɗebe a sama, a kuma ɗebe a ƙasa:

```
f' = 680 × (340 − 10) / (340 − 30) ≈ 724 Hz
```

Akwai gwajin da ke tona asirin amsar farko nan take. A ce su biyun gudu ɗaya suke, 30 da 30. Babu mai matsowa, dole kunne ya ji 680 daidai. Dabarar da muka rubuta ta ba da 310 bisa 310, wato ɗaya, ta ci gwajin. Waccan kuwa 370 bisa 310 za ta bayar, kamar a ce direban da ke jere da jiniya yana jin ta ta sauya murya.

Wani tushen rikicin daga littattafai yake. Wasu ba sa amfani da ± sam, suna rubuta (v + vo) / (v + vs), su ce a ja kibiya daga mai sauraro zuwa abin da ke fitar da sautin: duk gudun da ya bi kibiyar mai alamar tarawa ne, wanda ya saɓa mata mai alamar ɗebewa. Tsarin daidai yake. A misalinmu motar tana baya, kibiyar na kallon yamma, su kuwa gabas suka nufa, don haka vo = −10, vs = −30, amsar ta fito 724 kamar ɗazu. Amma da zarar motar ta wuce mai babur, kibiyar ta juya gabas, alamomin duka sun koma tarawa, ya ji 680 × 350 / 370, kusan 643 Hz. Ɗalibin da ya ɗauko dabara daga wannan littafi, ya ɗauko dokar alama daga wancan, ɗebewa biyu za su haɗu su zame masa tarawa bai sani ba. Shi ya sa nake cewa kowa ya rubuta tsarin da yake bi a saman aikinsa, da zanen kibiyar in ita ya zaɓa.

Dabarar kuma ta ɗauka cewa tafiyar tana kan layin da ya haɗa su biyun. Matuƙar motar ta miƙo maka kai tsaye da gudu ɗaya, 722.5 za ka yi ta ji tun daga nesa har ta iso. Ƙarar ce ke ƙaruwa, sirantar muryar ba ta ƙaruwa, kuma yara da yawa suna cakuɗa su. Wanda ke gefen titi, ɓangaren gudun da ya nufo shi kawai ke shiga lissafi, kuma ɓangaren yana raguwa yayin da motar ke matsowa, ya zama sifili daidai saitinsa. Don haka saukar daga 722.5 zuwa kusan 642, wanda ake ji in motar ta wuce tana nisanta, a hankali yake jin ta, kuma in ya ƙara nisa da titin saukar za ta ƙara jan lokaci.