Yau inji ya mutu mini a tsakiyar Gulbin Rima

Na yi sallar isha, na ci tuwo kaɗan, amma har yanzu tafin hannuna na zafi inda igiya ta goge shi. Gara in rubuta abin da ya faru tun yana sabo a kaina, don gobe da safe Sarkin Ruwa yana jiran bayanina.

Mun tashi daga mashigi bayan la'asar, sawu na ƙarshe na masu komowa daga kasuwar Goronyo. Mutum 22 na ɗauka: mata biyar, yara huɗu, sauran maza, sai buhu shida na gero da babur ɗaya da muka kwantar a tsakiya. Ruwa ya cika maƙil kamar yadda ya saba a watan Agusta, ja wur, yana jan ciyawa da karare. Ƙasa da madatsar Goronyo muke, kuma duk wanda ke aiki a nan ya san idan damina ta yi nisa gulbin ba ya wasa. Hadari ya haɗu a gabas tun muna lodi. Na auna shi da ido, na ce za mu riga shi, tunda ƙetarewar ba ta wuce minti goma sha biyar.

Injina mai doki 40 ne, kuma ruwan gulbin ne ke sanyaya shi. A ƙasan ƙafar injin, sama kaɗan da farfela, akwai 'yan ramuka da yake shan ruwa ta cikinsu. Wata 'yar roba mai fikafikai ce ke juyawa tana tura ruwan sama, ya zagaya kan injin, sannan kaɗan daga ciki ya fito ta baya siriri. Shi muke kira fitsarin inji. Maigidana da ya koya mini tuƙi ya sha faɗa mini cewa direban jirgi yana duban gaba sau uku, ya waiwaya sau ɗaya ya ga ko inji na fitsari. Yau ban waiwaya ba. Idona na kan hadari.

Hancina ne ya fara gaya mini. Na ji ƙaurin fenti da roba, sannan muryar injin ta yi nauyi, jirgi ya rage gudu ba tare da na taɓa totur ba. Da na juya, babu fitsari ko ɗigo, sai tururi. Na mayar da giya firi, na kashe, na ɗaga ƙafar injin. Baƙar leda ce ta naɗe ramukan ruf, kamar da hannu aka ɗaure ta. Na cire, na sauke, na ja igiya, inji ya tashi. Na ƙirga har goma, ruwa bai fito ba.

Wani lokaci bakin da fitsarin ke fita ne kawai ke toshewa da yashi, alhali ruwa na zagayawa a ciki lafiya lau. Don haka na zura tsinken waya na sosa shi. Shiru. Na buɗe murfi na kai hannu kusa da kan injin, zafin da ya buge ni ya ishe ni amsa. Robar nan ruwa ne ke jiƙa ta, idan ta yi juyi a bushe ko na ɗan lokaci ne fikafikanta sukan ƙone su karye. Ta riga ta tafi. Na sake kashewa.

Wani dattijo mai buhunan gero ya ɗaga murya: "Direba, ai ya tashi! Mi ya hana ka kai mu?" Na ce, "Baba, in na matsa mishi, fistin zai kama kafin mu kai gaɓa, kuma daidai inda ruwa ya fi ƙarfi zai kama. Ku yi mini haƙuri." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ji ƙarar inji yana ganin an tsira ne.

Kafin in rufe baki iskar gaban hadari ta iso da ƙura da sanyi. Jirgin da ba inji yakan juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, kuma ta nan ake kifewa. Ruwa ya fara fallatsowa ta gefen dama. Matan da ke wannan gefen suka yunƙura za su koma hagu, na daka tsawar da ban taɓa yi wa manya ba: kowa ya sauka daga kan benci ya zauna a ƙasan jirgi, kada wanda ya miƙe. Allah ya taimake ni da wata tsohuwa da ta riƙe zanen ta kusa da ita tana cewa, "Ke ɗiyata, zamna, ki yi salati." Sai salati ya ɗauka daga gaba har baya, kuma suka zauna.

Yarona ya soka gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Na sake tada injin na 'yan daƙiƙu, iya abin da zai juya goshin jirgi ya fuskanci ruwa, na kashe, shi kuma ya jefa anka daga goshi. Ta yi ta jan yashi, igiya na gudu a hannuna ina sassauta mata, don anka ba ta kamawa da gajeruwar igiya. Sai da kusan duka ta ƙare sannan na ji ta cije. Samari biyu na ba su robobi suna kwalfe ruwa, ruwan sama kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har gaɓa ta ɓace mana.

Rigunan kariya 12 ne a jirgina. Na ba yara da mata, uku suka rage, maza goma sha uku suna kallona. Sai suka tura wa tsofaffin cikinsu. Wannan abin ya fi igiyar ƙona ni. Na tuna jirgin da ya kife a ƙaramar hukumar Shagari a watan Afrilun 2022, aka rasa mutum 29, yawancinsu yara da matasa. Da bakina na yi ta cewa a lokacin ba zan ƙara ɗaukar wanda ba ni da rigarsa ba.

Na kira Sarkin Ruwa a waya, na kwatanta masa inda muke da itacen giginyar da ke tsallake. Masunta biyu ne suka fara isowa a ƙananan kwale-kwale, suka tsaya ƙasa da mu, inda ruwa zai kai duk wanda ya faɗa. Bayan kamar rabin sa'a jirgin wani abokin sana'ata ya ɓullo. Na hana shi raɓar mu, domin da ya manna gefensa da namu, kowa zai ruga wuri ɗaya. Ya jefo igiya daga nesa, muka ɗaura a goshi, muka ciro anka, ya ja mu a hankali yana karkatawa sama da ruwa har muka dafa gaɓa ana kiran magariba.

Na tsaya a bakin jirgi ina ƙirga su ɗaya ɗaya suna sauka, 22 cif. Gero ya jiƙe, wata yarinya ta yi amai don tsoro, ba wanda ya ji ciwo. Na mayar wa kowa kuɗinsa, tsohuwar nan ta ƙi karɓa, ta ce in sayi riga da shi.

Gobe bakanike zai kwance ƙafar injin. Na ce masa ya ƙirga fikafikan tsohuwar robar, duk guntun da ya ɓace a nemo shi, don idan ya maƙale a hanyar ruwa sabuwar ma ba za ta yi amfani ba. Daga wurin Sarkin Ruwa zan wuce Sakkwato neman riguna goma. Jirgi na ɗaure har in dawo da su.