Ranar rufe neman gurbin bincike guda biyu ce, ɗaya ba ta cikin talla

Har yanzu abin yana yi mini ciwo. Shafin tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, wanda ake ba masu digiri na uku, ya ce a watan Satumba ake rufewa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da na tuntuɓi wani sashe a wata jami'a cikin Agusta, sai ofishin bincikensu ya amsa mini da layi biyu: tun watan Mayu suka gama zaɓen waɗanda za su mara wa baya.

Dalilin yana cikin tsarin tallafin. Ba a miƙa wa mai nema kuɗin a hannunsa, jami'ar da za ta karɓi baƙuncinsa ake ba. Don haka sai da sunan jami'a da na malamin da zai kula da aikin ake shigar da takardu. Malami ɗaya kuwa ba zai iya gyara tsarin binciken mutum goma ba, shi ya sa sassa da yawa suke yin tasu tantancewar tun da wuri. Suna sa sanarwa a shafinsu ko a EURAXESS, shafin Tarayyar Turai na tallata guraben bincike, da taken "expression of interest", wato nuna sha'awar nema, yawanci watanni kafin Satumba. Abin da suke nema kaɗan ne, tarihin karatu da aiki da taƙaitaccen bayanin bincike. Amma wanda bai shiga ta wannan ƙofa ba, Satumba ba ta da amfani a gare shi a wannan sashen.

Wannan ya sauya yadda nake karanta talla. Tambayar farko ita ce: aikin wa za a yi? Idan tallar ta bayyana binciken da kanta, ta faɗi sunan shugaban aikin da tsawon kwantiragi, to ma'aikaci ake nema, kamar irin guraben da suka cika jobs.ac.uk na Birtaniya. A nan ranar da aka rubuta ita ce ranar. Sai dai a buɗe takardar da ke maƙale da tallar, inda aka raba sharuɗɗa gida biyu, "essential", wato na dole, da "desirable", wato waɗanda ake so amma ba dole ba. Da jerin farko masu tantancewa suke sa maki, kowane sharaɗi sai an nuna masa hujja a wasiƙa. Idan kuwa tallar ta ce ka zo da naka binciken, sashe zai goya maka baya wajen wata hukuma mai ba da kuɗi, to akwai rana ta biyu. A neme ta. In ba a rubuta ba, a tambayi ofishin binciken jami'ar, domin shi kansa farfesan wani lokaci bai san ta ba.

Ga lissafin da ya kamata a yi, daga ƙarshe zuwa farko. Babban ɓangaren takardar neman tallafin Marie Skłodowska-Curie shafi 10 ne kacal. Ingancin bincike yana ɗaukar kashi 50 cikin ɗari na maki, tasirinsa 30, tsarin aiwatarwa 20. A ciki dole a nuna abin da za ka koya a wurin mai masauki da abin da kai za ka kawo masa, da kayan aikin da sashen yake da su. Ba a rubuta wannan daga nesa ba tare da malamin ba, kuma ba ya kammaluwa a mako uku. Saboda haka wasiƙar farko zuwa ga malami ta tafi tun Fabrairu ko Maris, a bar Yuni zuwa Agusta don rubutu da gyara.

Kafin a ɓata wa kowa lokaci, a duba sharuɗɗa biyu. Kada shekarun bincike bayan digirin su wuce 8. Kada kuma a ce ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufewa. Ɗan kowace ƙasa yana iya neman gurbin na cikin Turai, mai tsawon wata 12 zuwa 24.

Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus ma sai da mai masauki, har a tallafinta na Georg Forster da ƴan ƙasashe masu tasowa ke nema. A can sai wanda bai wuce shekara 4 da gama digiri na uku ba yake shiga ajin sababbin daktoci, kuma daga ranar kare kundi ake ƙirgawa. Wannan ya shafi mu ƴan Najeriya sosai, tunda tsakanin kare kundi da amincewar majalisar jami'a da fitowar takardar shaida ana iya cin watanni masu yawa. Wanda yake ƙirge daga ranar yaye ɗalibai, ya koma ya duba ranar da ya zauna gaban mai jarrabawa na waje.