Rabin kofin ruwa da ya ɗaga murfin roba

Gardamar daga tanki ta faro. Ruwan shawarmu ba shi da ƙarfi, ni kuma na ƙudurta a raina cewa ƙanƙantar tankin ce ta jawo. Idan muka cire na lita 500 muka ɗora na lita 1,000, ai ruwan ya ninka, nauyinsa ya ninka, dole ya fito da ƙarfi. Ƙanena, wanda ke karatun kimiyyar fiziks, ya ce, "Yaya, in dai saman ruwan yana nan a tsayinsa na da, ko tankin lita dubu goma ka ɗora, shawar nan haka za ta ci gaba da zuba." Na ce masa wannan maganar littafi ce. Ya ce to mu gwada, ai gani ya kori ji.

Mun samo bokiti mai faɗi, da babbar gorar roba wadda muka yanke gindinta muka kifa ta kamar mazurari, da tiyo garai-garai wanda ake ganin ruwan cikinsa. Muka huda bokitin daga ƙasa, muka haɗa shi da bakin gorar ta tiyon, muka kuma fitar da wani reshen tiyo muka tsayar da shi a jikin bango. Mazubi uku ke nan, haɗe ta ƙasa: mai faɗi, mai siffar mazurari, da siriri. Na zuba ruwa a bokitin ina jiran in ga nauyinsa ya tunkuɗa ruwan siririn tiyon sama, tunda bokitin ya fi shi ruwa nesa ba kusa ba.

Da farko har na yi murna, domin ruwan tiyon ya tsaya sama da na bokitin da kamar santimita 4. Ƙanena bai ce komai ba, ya bi tiyon da ido har ya gano wata doguwar iska da ta maƙale a wata lanƙwasa. Ya ɗan buga wurin da yatsa, iskar ta haura ta fice, ruwan ya sauko. Muka ja zare a miƙe daga saman ruwan bokitin: duka ukun a layi ɗaya suke. Tun daga ranar, duk sanda na ga ruwa a mazubai haɗaɗɗu ya ƙi daidaita, iska nake fara nema kafin in zargi wani abu.

Na yarda da abin da idona ya gani, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina nauyin ruwan bokitin ya tafi? Sai da na kwana ina juya abin kafin na kama bakin zaren, kuma zaren yana cikin cewa ruwan tsayayye ne. Ruwa ba ya iya turjewa idan aka tura shi gefe, gangarawa yake yi. Saboda haka idan ka ɗauki wurare biyu a zurfi ɗaya a cikin ruwa guda mai haɗe, kuma matsin ɗaya ya fi na ɗayan, ruwan zai tafi daga mai yawa zuwa mai kaɗan. In ka ga ya tsaya cak, to matsin ya zama ɗaya a duk faɗin wannan zurfin. Abin da ya rage shi ne sama da ƙasa. Ka ƙaddara wani siririn ginshiƙin ruwa, kaurinsa murabba'in santimita ɗaya, tsayinsa mita ɗaya. Ruwan cikinsa mililita 100 ne, wato giram 100, kuma abin da ke ƙarƙashinsa shi ke ɗauke da wannan nauyin. Ruwan da ke gefensa ba ya ɗora masa kaya, shi ma nasa ginshiƙin yake ɗauke da shi. Ko a tafki kake ko a tiyo, a zurfin mita ɗaya kowane murabba'in santimita nauyin giram 100 na ruwa ke danna shi. A takarda haka ake rubuta shi:

P = ρgh

P shi ne matsin, ρ nauyin ruwan gwargwadon cikarsa, wato kilo 1,000 a cikin akwatin ruwa mai mita ɗaya ta kowane gefe, g jan ƙasa ne, kimanin 9.8, h kuma zurfi. Zurfin mita ɗaya yana ba da kimanin faskal 9,800, faskal kuwa shi ne ma'aunin matsi, ban da matsin iskar da ke kan ruwan. Duba da kyau, babu faɗi a lissafin, babu yawan lita.

Bokiti da mazurari ba su wahalar da ni ba. A mazurari, ruwan da ya bazu ta gefe a kan bangon da ya karkace yake zaune, bangon ne ke tallafe da shi, ƙaramin bakin da ke ƙasa kuwa ginshiƙin da ke kansa kawai ya sani. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne akasin haka: mazubi mai faɗin gindi da siririn wuya. A nan babu dogon ginshiƙin ruwa a kan yawancin gindin, murfi ne a kansa. To ta yaya za a ce gindin yana jin matsi irin na cikakken zurfi?

Wannan ne gwajinmu na biyu, kuma shi ya jiƙa mini riga. Mun ɗauki roba mai kusurwa huɗu da murfi mai kamawa, kusan santimita 10 ta kowane gefe, tana cin lita ɗaya. Muka huda tsakiyar murfin, muka cusa tiyo mai ramin da ya kai kimanin milimita 11, wanda faɗin bakinsa ya yi kusa da murabba'in santimita ɗaya, muka liƙe da gam. Muka cika robar fal, muka rufe, muka ɗora ta a kan sikeli, ƙanena ya riƙe tiyon a tsaye. Na fara ɗura ruwa ta sama da sirinji. Ruwan bai kai rabin tiyon ba murfin ya fara kumbura kamar ciki. Da ya doshi santimita 70, gefe ɗaya ya ɓalle, ruwa ya yi tsartuwa ya same ni a ƙirji. Duk abin da na ƙara bai kai rabin kofi ba.

Muka sake, wannan karon da igiyar roba muka ɗaure murfin da jikin robar tam, muka kai ruwan tsayin mita ɗaya daga gindi. Ga lissafin, na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi. Lita ɗaya a roba, mililita 90 a tiyo, jimla giram 1,090. Abin da sikelin ya nuna ke nan bayan an cire nauyin roba da tiyo, da 'yar tangarɗa saboda hannun mai riƙe tiyon. Amma gindin robar murabba'in santimita 100 ne, kowanne kuma yana zurfin mita ɗaya, giram 100 ke danna shi. Wato gindin yana jin dannar kilo 10. Ruwan da bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, yana danna gindi da ƙarfin kilo 10, sikeli kuma bai gani ba.

Na ce, "Kai, ɗayan biyu ne, ko lissafinka ƙarya ko sikelin ƙarya." Ya ce, "Yaya, ka manta abin da ya jiƙa ka." Murfin ke nan. Ruwan da ke daf da ƙarƙashin murfi yana zurfin santimita 90 daga saman ruwan tiyo, kuma matsi a ruwa ba ƙasa kaɗai yake turawa ba, kowace fuska yake turawa, har sama. Murfin, in an cire ramin tiyo, murabba'in santimita 99 ne, kowanne ana tura shi sama da giram 90. Ka ninka, ka samu giram 8,910. Ruwan yana tura gindi ƙasa da giram 10,000, yana tura murfi sama da giram 8,910, murfi da gindi kuma jiki ɗaya ne tunda mun ɗaure su. Ka debe wannan daga wancan, saura 1,090. Daidai da nauyin ruwan, ko giram ɗaya bai ɓata ba. Murfin da ake turawa sama shi ma yana mayar da turin ƙasa a kan ruwan, ya tsaya a madadin ginshiƙin ruwan da babu shi a wurin. Ban san wani lissafi da ya taɓa rufe mini baki kamar wannan ba.

Ashe abin tsoho ne. Simon Stevin, wani masanin lissafi ɗan garin Bruges, ya bayyana shi tun 1586, kuma bayanin Blaise Pascal a kan daidaiton ruwaye ya fito a 1663, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Sunan Pascal ne aka laƙaba wa ma'aunin matsi, wato faskal.

Akwai wurare biyu da muka ƙara yin tuntuɓe. Na farko, na karkatar da tiyon na auna tsawon ruwan a jikinsa, na samu fiye da mita, na ɗauka matsi ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Zurfin da ake nufi shi ne tazarar tsaye daga saman ruwa zuwa wurin da kake aunawa, ko da tiyon ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso. Na biyu, mun gwada da bututun cikin biro wanda ba tawada, ruwan ya tsaya sama da layin zaren, babu kuma iska a ciki. Wannan wani abu ne dabam: a rami mai tsananin ƙanƙanta ruwa yana kama bango ya ɗan hau. A tiyo mai faɗin yatsa hawan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa bai dame mu a gwajin farko ba. Haka nan in ka zuba mai a gefe ɗaya, samansa zai fi na ruwa tsayi, domin mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya ƙara tsayi kafin ya ba da matsi iri ɗaya.

Game da tankin, ban sayi babba ba. Da na saya, da ruwan ya fi daɗewa bai ƙare ba, shi ke nan, sai fa ɗan abin da zai ƙaru in sabon ya fi tsohon tsayi. Mun auna daga saman ruwan tanki zuwa kan shawa, mita ɗaya da rabi ne kacal, kimanin faskal 14,700. Muka ƙara wa ƙafar tankin mita 2, tazarar ta koma uku da rabi, matsin ya haura faskal 34,000. Zubar ruwan ta gyaru sosai, amma ba ta ninka yadda matsin ya ninka ba. Na tambayi ƙanena dalili, ya ce lissafin da muka yi na ruwan da ke tsaye ne, lokacin da famfo ke rufe. Da zarar an buɗe, ruwan ya fara gudu, gogayyarsa da cikin bututu da kowace gwiwa tana cin wani kaso na matsin, kuma bututun da ya sauko daga tankinmu na rabin inci ne, da gwiwa biyar kafin ya kai banɗaki.