Shafi ɗaya da nake kai wa Alhaji kowane wata

Shekarata ta farko ina riƙe da lissafin wani kamfanin casar shinkafa a Garwa, rahoton wata da nake haɗawa shafi takwas ne, jere da lambobin asusu yadda tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci da Kamaru ke bi, ya tanada. Alhaji, wanda ke tafiyar da wurin, ya san shinkafa tun daga gona har buhu, amma bai yi karatun akanta ba. Sai ya juya takardun, ya ajiye, ya ce, "Malam, kuɗinmu lafiya ko ba lafiya?" Tambayar nan ita ce rahoton ya kamata ya amsa, kuma nawa bai amsa ta ba.

Rahoton Fabrairun 2024 ne ya buɗe mini ido. Mun ware wa gazuwal sefa 720,000, wato lita 1,000 a kan 720. Da wata ya ƙare sai ga 1,035,000. Na rubuta cewa an zarce da 315,000, na shafa wa layin jan launi, na ɗauka na gama aikina. Alhaji na gani ya fara yi wa direbobi faɗa, alhali ba duka ne laifinsu ba.

Da na koma kan rasit ɗin gidan mai, sai na ga abu biyu ne a cakuɗe. A farkon watan gwamnati ta ɗaga farashin lita daga 720 zuwa 828. Mu kuma lita 1,250 muka sha. Ƙarin sefa 108 a kan kowace lita cikin 1,250 ya ba da 135,000, wannan na farashi ne, ba mai iya hana shi. Lita 250 da muka ƙara, a tsohon farashi, ta ba da 180,000, kuma nan ne ake da abin yi. Littafin injin wuta ya nuna kusan lita 170 ta tafi wajen tayar da shi lokacin ɗaukewar wuta. Ragowar lita 80 ta motoci ce, ba wanda ya rubuta inda aka je da ita.

Na sake rubuta layin da magana irin ta baki: "Gazuwal ya zarce da 315,000. Daga ciki 135,000 ƙarin farashi ne, zai ci gaba, don haka a gyara kasafin sauran watanni. 180,000 ƙarin sha ne. Shawara: daga ranar Litinin kada a zuba mai sai an rubuta kilomita." Nan take ya kira mai kula da sito ya ba da umarni.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, domin kama da labari mai daɗi yake zuwa. Gyaran injuna mun ware masa 200,000, littafi ya nuna 40,000 kawai aka kashe. Alhaji ya ga rarar 160,000, har ya yi niyyar sayen buhunan zuba shinkafa da ita. Ashe takardar makaniki ta 310,000 tana cikin durowa, an yi aikin ba a biya ba. Gaskiyar lamari mun zarce da 150,000. Tun daga ranar na ƙara gurbi na huɗu: bayan abin da aka ware, abin da aka biya, da bambancinsu, akwai abin da muka riga muka ci bashi. Bambancin ma sai na haɗa da bashin nake fitar da shi. Duk layin da ya yi ƙasa sosai da kasafi, ba na kiran shi rara sai na tambayi sito da makaniki ko akwai takardar da ba ta iso teburina ba.

Yanzu shafi ɗaya nake kaiwa, kafin 5 ga wata. A sama akwai kuɗin da ke banki da akwati, da wanda za a biya cikin kwana talatin. A ƙasa sai layukan da suka kauce da fiye da kashi 10 cikin ɗari kuma suka wuce 50,000. In ba haka ba, kuɗin shayi da ya ninka zai cinye wurin gazuwal. Yawanci uku ne ko huɗu, kowanne da dalilinsa, da shawara, da wanda zai aiwatar. Ba na sa wa lambobi alamar ragi ko baka biyu, domin wani yana ɗaukar su riba, wani asara. "An zarce" ko "ya rage" nake rubutawa. Shafukan nan takwas suna nan a baya ga mai son bincike.

Kafin in shiga ofis nakan karanta wa mai sito shafin da ƙarfi. In ya ce, "To, me za a yi ke nan?" sai in koma in gyara layin.